Lambar fuloti daban, lambar gida daban: yadda ake rubuta wa ƙaramar hukuma ta tabbatar da adireshi

"Assalamu alaikum. Na sayi fuloti a wata sabuwar unguwa a gefen Kano, na gina, har mun tare. A takardar filin an rubuta fuloti mai lamba 214. A takardar kuɗin wuta kuma lamba 17, Layin Transfoma. Wasu maƙwabtan suna kiran layin da sunan wani Alhaji da ya fara gini a wurin. Na je neman rancen jari a banki, suka ce adireshina bai dace da juna ba, in kawo takarda daga ƙaramar hukuma. Me zan rubuta, wa zan kai wa, kuma me zan haɗa da ita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne.

Ka kwantar da hankalinka, babu takardar da ta yi maka ƙarya a cikin biyun nan. Kowace tana maganar abu ne daban. Lamba 214 ta fito daga taswirar da aka yanka unguwar da ita. Mai zanen ya bi filayen rukuni-rukuni yana ba su lamba, tun wurin yana gona, babu ko bulo ɗaya a ƙasa. Ba ruwansa da ina ƙofar gida za ta kalla, shi ya sa za ka ga fuloti na 214 yana fuskantar na 190 da wani abu, bayansa kuma yana jingine da na 230 da wani abu. Amfanin wannan lambar shi ne a gane filin a fayil, a taswira, da gaban alƙali idan rigima ta taso. Ita kuwa lambar gida ta titi ce. Ana fara ƙirga ta daga bakin layi zuwa ƙarshensa, domin wanda ya zo daga waje ya iya bin ƙofofi har ya iso taka. Abin da banki ke so shi ne hukuma ta ce a rubuce: fuloti kaza da ke kan taswira kaza shi ne gida mai lamba kaza a titi kaza. Wannan jimla guda ita ce dukan abin da kake nema, kuma wasiƙarka za ta yi aiki ne gwargwadon yadda ta sauƙaƙa wa jami'i rubuta ta.

Na yi aiki a ɓangaren filaye na sashen ayyuka a wata ƙaramar hukuma, irin waɗannan wasiƙu sun sha zuwa teburina. Waɗanda suka daɗe a fayil ba a amsa ba, mafi yawansu ba mugunta ce ta riƙe su ba. Ko dai mai wasiƙar bai faɗi abin da za a gane filin da shi ba, ko kuma ya cusa buƙata uku a takarda ɗaya, kowace da ofishin da ke da ita.

Wa ke da hurumin

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai raɗa wa hanyoyi da tituna suna da ba gidaje lamba. Saboda haka banki bai tura ka wurin da ba daidai ba. Mallakar ƙasa kuwa wani gida ne daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka ta hannun ma'aikatar ƙasa. A Kano fayilolin filaye suna wajen ma'aikatar ƙasa da hukumar adana bayanan filaye ta KANGIS, taswirar tsara unguwanni da izinin gini kuma suna wajen hukumar tsara birni ta jiha, wato KNUPDA. A Kaduna takwarorinsu su ne KADGIS da KASUPDA.

Akwai wani lanƙwasa da ya shafe ka tunda kana gefen babban birnin jiha. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta ba ƙaramar hukuma kuɗin rajistar sunan titi, amma ta cire titunan babban birnin jiha, ta ba gwamnatin jiha nasu. Wannan ya sa a manyan birane sau da yawa za ka tarar littafin sunayen tituna yana hannun hukumar tsara birni ta jiha, ƙaramar hukuma kuma tana riƙe da na lambobin gidajen da take karɓar haraji a kansu. Shawarata ka fara da ƙaramar hukuma kamar yadda banki ya nema, amma ka sa layi ɗaya a wasiƙar da ke cewa idan bayanin yana wata hukuma a sanar da kai a rubuce. Da wannan amsar a hannunka, idan ka je ofishin jiha ba za a sake mayar da kai baya ba.

Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar da ƙaramar hukumar da gidan yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano, inda birni ya bazu cikin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, ga kuma sababbin unguwanni da suka tsallaka har ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa. Titi ɗaya yakan zama iyaka, wannan tsallaken na wata hukuma, wancan na wata. Kada ka dogara da inda kake jefa ƙuri'a. Ka tambayi mai unguwa wane dagaci yake bi, dagacin kuma wane hakimi, sannan ka duba abin da takardar filin ta ce.

Daga ina 17 ta fito

Bari mu bi lamarinka da misali, domin ka ga yadda lambobi ke rabuwa. Mu ɗauka layinku yana da fuloti goma sha biyu a kowane gefe, kuma na gefenku sun fara daga 207 a bakin babban titi suka tafi zuwa 218. Tsarin da aka fi bi wajen ba gidaje lamba shi ne a ba gefe ɗaya 1, 3, 5, 7, ɗaya gefen kuma 2, 4, 6, 8, ana farawa daga bakin da ya fi kusa da babbar hanya. Ana kuma ƙirga kowane fuloti, ko an gina ko kango ne ko fili, domin kada lissafi ya rushe ranar da mai shi ya zo ya gina. Idan gefenku ne mai 1, 3, 5, to fuloti na 207 shi ne gida na 1, na 208 gida na 3, haka har a zo naka. Kai ne na takwas a jere, lambarka ta zama 15.

To yanzu mu ce mai fuloti na 210 ya raba nasa biyu, ya sayar da rabi, kowa ya fitar da ƙofarsa. A littafin hukuma waɗannan gidaje biyu za su zama 7A da 7B, lambar kowa a layin ta tsaya yadda take. Amma ma'aikacin kamfanin wuta da ya zo rajistar masu mita ba taswira yake riƙe da ita ba, ƙofofi yake ƙirgawa. A wurinsa kai ne ƙofa ta tara, sai ya rubuta 17. Bai yi da niyyar ɓata maka ba, kuma lambar ta isa kamfaninsa ya kawo maka bil. Sai dai ba ita ce ta hukuma ba, kuma gobe idan wani ya sake raba nasa, mai ƙirga na gaba zai ba ka 19.

Ba lallai hakan ne ya faru a layinku ba, amma ka fita da yamma ka ƙirga da kanka. Ka fara daga bakin titi, ka ƙirga filaye, sannan ka ƙirga ƙofofi. Idan lissafin biyu ya bambanta, ka gano inda matsalar take tun kafin ka je sakatariya, kuma za ka iya nuna wa jami'i da yatsa.

Ka kuma yi hattara da sauran rubuce-rubucen da ke jikin katanga. Akwai na alli da masu rigakafin shan inna ke yi a ƙofa, haruffa da kwanan wata da kibiya. Akwai lambobin da ma'aikatan ƙidaya ke rubutawa idan suna shata yankunansu. Akwai na masu harajin gidaje, akwai na 'yan sintiri da ke karɓar kuɗin wata. Na ga wasiƙar da mai ita ya kwafo lambar masu rigakafi a matsayin lambar gidansa, domin ita kaɗai ce a jikin ƙofar. Babu ɗaya a cikinsu da za ka rubuta a matsayin adireshinka. Idan za ka ambace su, ka ambace su a matsayin abin da ka gani, ka faɗi wanda ya rubuta.

Tabbatarwa kake nema, kada ka nemi raɗin suna

Nan ne nake so ka fi mayar da hankali. Neman a tabbatar da sunan titi da lamba aiki ne na duba littafi da zuwa ganin wuri. Jami'i ɗaya ko biyu sun isa, shugaban sashe ya sa hannu. Neman a raɗa wa titi suna kuwa doguwar hanya ce: ana son amincewar mazauna layin, da bakin mai unguwa da dagaci, a duba ko babu wani titin mai wannan suna a yankin, kwamiti ya zauna, majalisar ƙaramar hukuma ta amince, a biya kuɗi, sannan a kafa allo. Idan ka rubuta cewa kana so a tabbatar maka layinku sunansa Layin Alhaji wane, alhali sunan bai taɓa shiga littafi ba, to ka shigar da kanka hanya ta biyu ba da saninka ba. Takardarka za ta koma jiran zaman kwamiti, ga kuma maƙwabta da za su ce wa ya aike ka. Rigimar sunan layi tana da zafi fiye da yadda ake zato, musamman inda mutum biyu kowa ke ganin shi ya fara sare dajin.

Don haka kada ka zaɓa wa hukuma amsa. Ka jera sunayen da ake kiran layin da su, ka faɗi inda ka ga kowanne, ka tambaya wanne ne a rubuce a wurinsu. Sunaye irin su Layin Transfoma, Layin Mai Unguwa, Layin Gidan Ƙanƙara, kwatance ne da mutane suka saba da shi. Wani lokaci hukuma takan karɓe su yadda suke, wani lokaci kuma za ka tarar a taswira layin ba shi da suna sam, sai lambar hanya da faɗinta.

Abin da za ka haɗa

Duk abin da za ka haɗa, manufarsa ɗaya ce: mutumin da bai taɓa zuwa unguwarku ba ya iya ɗora yatsa a kan filinka a taswira, ya kuma iya zuwa ƙofarka ba tare da ya kira ka sau uku ba.

Idan filin awon gwamnati ne, aikin da sauƙi. Ka ba da lambar fuloti, da lambar taswirar unguwa wadda galibi take farawa da TP, da lambar fayil ɗin da ke saman takardar ba da filin ko shaidar mallaka. Lambar taswirar nan kada ka bar ta, domin fuloti mai lamba 214 akwai shi a kusan kowace babbar shimfiɗa a garin, taswirar ce ke bambanta naka da na wani. Idan kana da zanen safiyo, ka haɗa kwafinsa, lambobin duwatsun iyaka suna jiki. Idan takardar tana ɗauke da sunan wanda ya sayar maka, ba a riga an juya ta zuwa sunanka ba, ka haɗa takardar ciniki domin a ga yadda ka shigo cikin maganar. Kwafi za ka kai. Na asali ka riƙe su a jaka, ka nuna idan an nema, ka koma da abinka gida.

Idan kuwa awon igiya ne, wato mai gona ya yanka da kansa ya sayar, lambar da ke takardarka ta dillali ce ko ta mai gonar, hukuma ba ta san da ita ba. A nan takardar ciniki mai hatimin mai unguwa da dagaci ita ce madogara, sai ka ƙara da wasiƙar gabatarwa daga mai unguwa, da zanen hannu mai tsabta: babban titi, layinku, masallaci ko makarantar da kowa ya sani, gidanka da alama, da kibiyar da ke nuna gabas. Ka rubuta maƙwabtan kusurwa huɗu kamar yadda ake yi a takardar ciniki, gabas wane, yamma wane, kudu hanya, arewa wane.

Ko wane iri ne filin, ka ƙara abu biyu. Na farko hoton gaban gidan, wanda ya kamo ƙofarka da ɗan gefen gidajen da ke dama da hagu. Na biyu lambobin wuri daga waya. Ka tsaya a bakin ƙofarka ta waje, ka buɗe Google Maps, ka danna ka riƙe a kan inda kake, lambobi biyu za su fito, a yankin Kano na farko yana kusa da 12, na biyu kusa da 8.5. Ka kwafe su duka, kada ka yanke na bayan ɗigo. Ka sani dai waya takan kauce da 'yan mitoci, fuloti mai faɗin ƙafa 50 kuwa bai wuce mita 15 da ɗan kai ba, don haka idan ka ɗauka daga cikin ɗaki ko jikin katanga, alamar tana iya faɗawa gidan maƙwabci. Waɗannan lambobi jagora ne zuwa ƙofa, ba sa maye gurbin awon safiyo.

Idan gidanka na kwana ne, yana da titi ta gefe biyu, ka faɗi titin da babbar ƙofa take kallo, domin da shi ake ba da adireshi. Masu irin wannan gida su suka fi kowa samun takardu masu karo da juna.

Wasiƙar kanta

Shafi ɗaya ya isa. Ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun shugaban sashen ayyuka, domin duk takardar da ta shiga da sunan shugaba take shiga, shi ko daraktan mulki ya tura ta inda ta dace. Ga yadda za ta iya kasancewa, ka cike guraben da naka bayanin:

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar ……
Ta hannun Shugaban Sashen Ayyuka da Gidaje

NEMAN TABBATAR DA SUNAN TITI DA LAMBAR GIDA NA FULOTI MAI LAMBA 214, TASWIRA MAI LAMBA ……, UNGUWAR ……

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne ……, mazaunin gidan da aka gina a kan fulotin da aka ambata a sama, mai fayil lamba ……, a mazaɓar ……, ƙarƙashin Mai Unguwar …… da Dagacin ……

Takardar filin tana ɗauke da lambar fuloti kawai. Takardar kuɗin wuta ta kira gidan lamba 17, Layin Transfoma. Wasu mazauna kuma suna kiran layin da suna ……. Gidan shi ne fuloti na takwas a hannun dama idan aka shigo daga titin ……, ƙofarsa tana kallon ……

Ina roƙon a tabbatar mini a rubuce: na ɗaya, sunan da wannan titi yake da shi a littafin hukuma, da yadda ake rubuta shi, na biyu, lambar da aka ba gidan, na uku, cewa wannan adireshi shi ne na fuloti mai lamba 214 a taswirar da aka ambata. Idan titin ba shi da suna ko gidan ba shi da lamba a littafi, ina roƙon a faɗi hakan a cikin amsar, tare da matakin da ya kamata in ɗauka. Idan kuma bayanin yana hannun wata hukuma, a sanar da ni wacce ce.

Ina buƙatar wannan ne domin gabatarwa ga banki, don haka ina roƙon amsar ta zo da Turanci a kan takarda mai kan ofis. A shirye nake in raka jami'i ya ga wurin, in kuma biya kuɗin da doka ta tanada a ba ni rasit.

Na haɗa kwafin takardar fili, da takardar ciniki, da takardar kuɗin wuta, da katin shaida, da hoton gidan da zanen kwatance.

Na gode. Suna, sa hannu, lambar waya, kwanan wata.

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu labarin yadda ka sha wahala a banki, babu ƙorafin kwata da ta toshe ko layin da ba a zuba wa ƙasa ba. Waɗannan haƙƙinka ne ka nema, amma a wata takardar. Da zarar sun shigo wannan, mai tura takardu zai rasa teburin da zai aika ta.

Game da harshe, fayilolin ofis da Turanci ake tafiyar da su, kuma da yawa sukan fi son wasiƙa ta zo da shi. Idan haka ka tarar, ka kai wa mai buga takardu a bakin sakatariya wannan tsarin ya juya maka, amma ka tsaya a kansa ka duba lambobi ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren lamba guda, 241 a maimakon 214, zai sa a tabbatar maka da gidan wani.

Bayan ka kai

Ka buga kwafi biyu. Ka kai ofishin karɓar wasiƙu, wanda ake kira rajista, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan kwafinka. Kada ka miƙa wa wani a baranda don ya ce zai shigar maka, ko da ɗan uwa ne, ko da kansilan mazaɓarku ne. Kansila yana da amfani wajen bibiya bayan takarda ta shiga, amma takardar da ba ta bi ta rajista ba, ranar da aka neme ta babu wanda zai ce ya gan ta. Ka tambayi magatakarda wane tebur za ta je, ka riƙa bibiya da kwanan watan da ke kan hatimin.

Kuɗi ya bambanta daga wata hukuma zuwa wata, don haka ka nemi a nuna maka abin da aka ƙayyade a rubuce, ka biya a sashen kuɗi ko asusun da suka ba ka, ka karɓi rasit mai lamba. Takardar da aka buga maka a bayan fage, ba lambar fayil, ba kwafi a ofis, ba ta da amfani a gare ka: idan banki ya aika a tantance, ofishin zai ce bai san da ita ba, zargin kuma kanka zai dawo.

Ranar da jami'i zai zo duba wuri, ka sanar da mai unguwa ya kasance ko ya turo wakili. Jami'in zai tsaya a bakin layi da taswira a hannu, ya ƙirga filaye, ya nemi dutsen iyaka idan bai nutse a ƙarƙashin dakali ba, ya tambayi mutum biyu ko uku sunan layin. Idan ka san inda duwatsunka suke, ka share su tun kafin ya zo.

Idan shiru ya yi yawa, ka rubuta tunatarwa gajera, ka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, ka haɗa kwafin mai hatimi. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar bayanin da ke hannunta, amma ni ba na ba da shawarar a fara da ita. Tana tilasta a nuna maka abin da ke rubuce ne kawai, ba ta sa a zo a auna layinku ko a ƙirƙiri lambar da babu.

Amsar da za ka iya samu

Idan titin da gidan duk suna cikin littafi, shi ke nan. Ka duba takardar kafin ka bar ofis: tana da lambar fayil da kwanan wata, sunan mai sa hannu da muƙaminsa sun fito, hatimi ya kama, kuma lambar fuloti da adireshin suna cikin jimla ɗaya. Idan an rubuta adireshin kawai ba a ambaci fuloti ba, ka roƙa a gyara nan take, domin haɗin nan shi ne abin da banki ya rasa.

Idan titin yana da suna amma ba a taɓa ba gidajen lamba ba, wasu ofisoshin sukan ba da lamba bayan sun ƙirga layin gaba ɗaya. Ka nace a ƙirga duka layin a rubuta, kada a ba ka lamba kai kaɗai, in ba haka ba wani zai zo baɗi a ba shi irin taka.

A sababbin unguwanni kuwa, amsar da ta fi yawa ita ce babu suna, babu lamba. Wannan ma amsa ce mai amfani in dai a rubuce take. Ka nemi su rubuta cewa titin bai samu suna a hukumance ba tukuna, cewa gidan da ke kan fuloti na 214 a taswira kaza yana cikin yankinsu, kuma an fi sanin layin da Layin Transfoma. Daga nan adireshinka a kowace takarda ya zama: Fuloti 214, sunan shimfiɗar, unguwa, ƙaramar hukuma, jiha, sai lambar gidan waya mai alƙaluma shida ta NIPOST, wadda za ka tambaya a gidan waya mafi kusa. Ko bankinka zai wadatu da wannan, su ne za su faɗa, don haka tun kafin ka fara zirga-zirga ka sa jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka ya gaya maka ainihin abin da suke so takardar ta ƙunsa.

Abu ɗaya da wannan takarda ba za ta yi maka ba shi ne tabbatar da mallaka. Ɗan haya ma yana iya samun ta. Idan rancen na jingina ne, bankin zai nemi shaidar mallaka da binciken fayil a ma'aikatar ƙasa, da amincewar gwamna kan jinginar kamar yadda dokar 1978 ta tanada. Haka nan idan a wajen dubawa aka gano cewa ginin naka ba a kan 214 yake zaune ba, a kan 213 ko 215 ne, to magana ta bar hannun ƙaramar hukuma. Ka dakatar da neman adireshi, ka nemi safiyo mai rajista da lauya, domin takardar adireshi ba ta gyara wannan, tana iya ma ƙara dagula shi.

Idan takardar ta fito lafiya, ka yi kwafi da yawa ka adana ta asali tare da takardun fili. Ka kai kwafi ofishin kamfanin wuta a gyara bil, domin shi ake yawan nema a matsayin shaidar wurin zama, sannan banki, sannan adireshin da ke kan rajistarka ta NIN. Ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. A ƙarshe ka sa mai fenti ya rubuta lambar a jikin ƙofa da girman da za a gani daga kan babur, ka shafe tsofaffin da ke karo da ita, ka kuma gaya wa maƙwabta na dama da hagu, domin ma'aikacin banki da zai zo tantancewa su zai fara tambaya kafin ya ƙwanƙwasa maka.